Idan Zuciya Ta Daina Ji, Kada Mu Kira Shi Haƙuri

 A yau ina so mu tattauna a kan wani ciwo wanda ba ya sa zazzaɓi, ba ya kumbura jiki, ba ya kuma kwantar da mai shi, amma yana nan yana cin mata da yawa a cikin gidajenmu. Ciwon kuwa shi ne mace ta wayi gari ba ta jin komai a ranta. A yi haihuwa a gidan, ta yi barka da baki kawai. A yi mutuwa, ta zauna ta karɓi gaisuwa idonta a bushe. Ɗanta ya zo da gudu ya faɗa jikinta, ta ji kamar an ɗora mata dami. Tana girki, tana shara, tana salla, amma duk kamar wata ce take yi ita kuwa tana gefe tana kallo.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne yadda muke karɓar irin wannan mace. Waɗansu su yaba mata su ce, "Kai, wance akwai haƙuri." Waɗansu kuwa su koma gefe su ce, "Wance zuciyarta dutse ce, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba." A ganina duka biyun mun zalunce ta, domin da mai yabon da mai zagin babu wanda ya tambaye ta abin da ke damunta.

Haƙuri dabam, mutuwar zuciya dabam. Mai haƙuri tana jin zafin abin sarai, sai dai ta danne, ta kame bakinta daga mummunar magana, ta miƙa lamarinta ga Allah. In ta shiga ɗaki takan yi kukanta, in kuma abin dariya ya zo ta dara. Ko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zub da hawaye sa'ad da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma babu wanda ya kai shi haƙuri. Ita kuwa wadda nake magana a kanta ba danne wa take yi ba, ta nemi abin da za ta danne ne ta rasa. Haka kuma kada mu haɗa wannan da kunya ko kara. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ai in ya yi tari da dare ita ce farkon tashi, gabanta yana faɗuwa. Kunya tana rufe fuska ne, ba ta taɓa abin da ke ciki.

YADDA ABIN YAKE SHIGA

Kowaccenmu ta san abin da ke faruwa in ta daɗe a zaune a kan ƙafa ɗaya wajen tsintar shinkafa ko kitso. Da fari ƙafar ta yi tsami, daga baya ta mutu, ko an mintsine ta ba a ji. Ƙafar ba ta lalace ba, nauyi ne ya daɗe a kanta. To haka zuciya take. In tashin hankali ya zo, jiki yakan tsarga waɗansu sinadarai cikin jini waɗanda ke sa bugun zuciya ya ƙaru, barci ya gudu, mutum ya zama a shirye. Wannan shiri na ɗan lokaci ne, a gudu ko a kare kai sa'an nan a huta. Amma in wahalar ta ƙi ƙarewa, wata da watanni, babu wurin gudu kuma babu hutu, sai jikin ya koma wata dabara, watau ya rage ji gaba ɗaya don mai shi ta iya ci gaba da aiki. Illar wannan dabara ita ce ba ta zaɓe. In ta toshe baƙin ciki, tare take toshe farin ciki da ƙauna da marmari.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Robert Lifton, ya je birnin Hiroshima na ƙasar Japan a 1962, ya zauna da waɗanda suka tsira daga bom ɗin da aka jefa wa birnin a 1945. Da yawansu sun gaya masa cewa suna tafe cikin gawawwaki amma a lokacin sun daina jin komai, daga baya kuma suka riƙa zargin kansu da rashin imani. Ya bayyana cewa wannan kariya ce da rai yake yi wa kansa in abu ya fi ƙarfinsa. Mu a nan ba bom ya faɗo mana ba, amma wahalar da ke ɗiga kullum ita ma tana kai mutum can, kuma a gidajenmu babbar hanyarta ita ce doguwar jinya.

Bari mu yi misali ba tare da sunan kowa ba, domin irin wannan gida yana da yawa a nan Wudil. A ɗauki mace mai 'ya'ya biyar, maigidanta yana harkar shanu a kara ran Juma'a, sauran kwanaki kuma yana bin kasuwannin ƙauye. Hawan jini ya shanye wa surukarta ɓarin jiki, aka kawo ta gidan. Ma'aikatan asibiti suka ce a riƙa juya ta kamar kowace awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo. Ga ba da abinci a baki, ga fo, ga wankin shimfiɗa kullum, ga kai ta gashi Kano, tafiyar kimanin kilomita 40, a dawo da yamma a ɗora tukunya. Barcinta bai wuce awa huɗu ba, shi ma a yanke.

A watannin farko tana kuka a ɓoye, tana tausayin tsohuwar, tana kuma jin haushin 'ya'yanta mata da sukan zo dubiya su yi awa ɗaya su tafi. Wannan duk alamar zuciya mai rai ce. Da aka doshi shekara sai faɗa ya ƙaru, abu kaɗan ta daka wa yara tsawa, ga ciwon kai ga mantuwa. Bayan wannan sai ta yi shiru. Ta daina zuwa biki da suna, ta daina kitso da lalle, abinci ya zama ba ta bambanta mai gishiri da marar gishiri. Mutanen gida suka ce ta saba. A shekara ta biyu tsohuwar ta cika, gida ya ɗauki kuka, ita kuwa tana ta raba tabarmi da ruwan alwala. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, jama'a suka watse, wahalar ta ƙare, amma ita ba ta dawo ba. A nan ne tsoro yake kama ta, ta fara tambayar kanta ko ita muguwa ce, ko imaninta ne ya tafi, tunda ko a salla ba ta jin abin da ta saba ji.

'Yar'uwa, in ke ce wannan, ki lura da abu guda. Wadda zuciyarta ta bushe da gaske ba ta damuwa da bushewar. Wannan damuwa da kike yi, ita ce shaidar cewa ƙaunar tana nan, nauyi ne ya danne ta.

A FARA DA ƊAGE NAUYIN

Ba a murza ƙafar da ta mutu alhali ana zaune a kanta. Saboda haka matakin farko ba na majinyaciyar ba ne, namu ne mu da ke kewaye da ita. In jinyar ba ta ƙare ba, a raba ta. Maigida ya tara 'yan'uwansa a tsara kwanaki, facala ta karɓi dare biyu, 'yar tsohuwar ta karɓi dare biyu, domin mai jinya ta sami aƙalla dare biyu ko uku a mako tana barci a wani ɗaki ba mai tashinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma masu zuwa dubiya, maimakon a zauna ta tashi ta yi wa baƙi hidima, a ce da ita, "Yaya, je ki kwanta, ni zan zauna da Inna har la'asar." Wannan ya fi lemo da ayabar da aka riƙo. In kuwa jinyar ta ƙare, a bar ta ta je gidansu ta yi mako guda ko biyu, kada a ce ai yanzu ba ta da aikin komai.

Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, in an yi rasuwa a danginta kuma mata suka watse, takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi na garin sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rashi. Ku duba hikimar da ke ciki. Ba a ce da mai baƙin ciki ta yi bayani ba, an fara da ɗumama mata ciki. Mu ma kunun gyaɗa mai zafi da wani ya dama ya kawo mata har ɗaki, ya zauna har ta shanye, magani ne.

KADA KI JIRA MARMARI

Mataki na biyu naki ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne mace ta ce, "In na ji sha'awa zan fita, in raina ya so zan yi kitso." A wannan hali sha'awar ba za ta riga ki zuwa ba. Aikin ake fara yi, jin daɗin ya biyo baya a hankali, kamar yadda ake zuba wa famfon da ya ƙafe ruwa kaɗan kafin ya jawo na ƙasa. Likitocin ƙwaƙwalwa suna amfani da wannan hanya, kuma ba ta bukatar kuɗi.

Ga yadda matar misalinmu za ta bi. A mako na farko ta zaɓi alwala guda a rana, a ce ta azahar, ta yi ta a tsanake. Ta kula da sanyin ruwan randa a tafin hannunta, da yadda yake bin gwiwar hannu, da iskar da ke bugun fuska bayan an wanke. In ta idar da salla kada ta zabura, ta zauna minti biyar, ta ja numfashi a hankali ta sake shi a hankali, ta lura da abu uku da take gani, uku da take ji da kunne, kamar kukan kaza ko daka a maƙwabta, sa'an nan da tabarmar da take zaune a kai.  In rufe ido yana kawo mata mugayen tunani, ta bar idonta a buɗe.

A mako na biyu ta ƙara abu guda wanda a da take so, ƙarami wanda ba zai wuce minti goma sha biyar ba, ta kuma ɗaura shi da lokacin salla don kada ya zama sai an tuna. Bayan la'asar, misali, ta zauna a inuwa ta yi saƙa, ko ta sa turaren wuta, ko ta shafa wa autarta mai ta taje mata kai. Ta sami littafin rubutu na 'yan makaranta, kowane dare ta rubuta abin da ta yi, ta ba shi maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon abin da ta ji. Wadda ba ta boko ta rubuta da ajami, ko ta ja layi da gawayi. Kwanakin farko za ta ga 0 a jere, wannan ba faɗuwa ba ce. Amfanin littafin shi ne ranar da 1 ta fito, a ce ranar da ƙanshin daddawa ya sa ta ji yunwa, ba za ta wuce ba a lura ba, kuma ta gane abin da ya kamata ta maimaita.

A mako na uku ta shigo da mutum guda, aminiya ko ƙanwa ko gwaggo, wadda ba ta yawo da magana. Ba sai ta zayyana tarihi ba, ya isa ta ce, "Tun rasuwar Inna ba na jin komai a raina, ki riƙa leƙo ni." Ke kuma da aka gaya wa, kada ki tare ta da wa'azi ko ki ce ai wance ta fi ta shan wuya. Ki zo ran da kika ce za ki zo, ku tsinke zogale tare ko ku yi shiru tare. A mako na huɗu sai a gwada fita gajera, kamar islamiyya ko barka a maƙwabta, ta yi rabin awa ta dawo. Kada a fara da babban biki mai kiɗa da hayaniya, domin in ta ga kowa yana murna ita ba ta ji, sai ta ƙara yanke ƙauna.

Kada a raina wannan ziyara ta mace ga mace. A ƙauyukan Rawalpindi na ƙasar Pakistan an koya wa mata ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa shiga gidajen masu ciki da masu jego da ke fama da ciwon damuwa, suna sauraronsu, suna taya su gyara tunani da tsara ƙananan ayyuka na kula da kansu da jaririnsu. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari ne kawai ciwon bai sake su ba, alhali a cikin waɗanda ba a bi da su ta wannan tsari ba kashi 53 ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin don sauran ƙasashe su ɗauka.

Akwai wani abu da ya kamata ki sani tun da wuri. In ƙafar da ta mutu ta fara farfaɗowa, ai ba daɗi ake fara ji ba, sai ka ce ana tsira mata allurai. Haka ma zuciya. Sau da yawa abin da ke fara dawowa shi ne kuka ba dalili, ko fushi, ko kewar mamacin wata biyar bayan kowa ya manta. Mutanen gida sukan firgita su ce jikin ya tashi, har a fara zancen iska. Galibi wannan alamar sauƙi ce. A bar ta ta yi kukanta. In ya yi mata yawa ta wanke fuska da ruwan sanyi, ta koma kan ƙananan ayyukanta, gobe a ci gaba.

Amma fa a guji gajeriyar hanya. Waɗansu matan sukan nemi ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba, ko tiramadol, ko maganin tari mai kodin wanda Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018. Waɗannan suna ƙara kashe ji ne, kuma su bar mace da ciwo biyu a maimakon ɗaya.

YAUSHE ZA A TAFI ASIBITI

Duk abin da na faɗa yana da iyaka. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, in rashin jin daɗin komai ko ƙuncin rai ya zauna kusan kullum, yawancin yini, har mako biyu ko fiye, ga kuma rikicewar barci da cin abinci da kasala da ganin kai ba a bakin komai ba, to ana zaton ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Matar misalinmu ta wuce mako biyu nesa ba kusa ba, don haka ya kamata ta ga likita tun tana makon farko na tsarin nan, a tafi da su biyun tare. A fara da Babban Asibitin Wudil, a gaya wa likita maganar yadda take, kada a tsaya a kan "ciwon kai" ko "ciwon jiki" don kunya. A nemi a duba jini, domin ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar maƙoƙo duk suna kawo mutuwar jiki mai kama da wannan. In da bukata za a tura ta sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Zuwa can ba hauka ba ne. In an ba da magani, a san cewa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Waɗansu magungunan su ma sukan ɗan dusashe ji, in haka ta faru a koma wa likita ya gyara.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: mace ta fara cewa gara ta mutu ta huta, ko ta ƙi ci da sha, ko ta riƙa jin muryoyi, ko mai jego ta ƙi kula jaririnta ko ta ji tsoron za ta cutar da shi. A nan kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da fiya-fiya da magunguna daga ɗakin, a kai ta asibiti a ranar. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna, a haɗa su.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, wannan magana har da ku. A ajinmu mukan ga yarinya mai ƙoƙari ta koma shiru, tana kallon allo ba ta gani, in an bincika a tarar ita ke jinyar mahaifiyarta, ko ita ke riƙe da ƙannenta tun da aka saki uwar. In kin ga ƙawarki ta daina dariya ta kuma daina fushi, ko kin ga tabon yanka ko ƙuna a hannunta wanda ita ta yi wa kanta don ta ji wani abu, kada ki riƙe wannan a matsayin sirri. Ki gaya wa malamar da kika yarda da ita. Mu kuma malamai, kafin mu ɗauki bulala a kan "taurin kai", mu kira yarinyar gefe mu tambaye ta wa ke kwance a gidansu.

A ƙarshe ina roƙonmu, duk sa'ad da muka je gaisuwar mutuwa, mu duba wadda ta yi jinyar, wadda ke ta kai da kawowa idonta a bushe. Mu ce mata Allah ya ba da lada, amma kada mu tsaya a nan. Bayan arba'in, sa'ad da ƙafa ta ɗauke, mu koma mu zauna da ita mu ce, "Ke fa, yaya jikinki?" Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kuma saka wa masu jinya da alheri, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.